An turo maka hoton fom ɗin biza: ka warware tambayar, ka bar wa mai ita amsar

Duk wanda ya ɗan yi boko a gidansu ya san irin wannan saƙon. Hoto ne zai shigo ta WhatsApp, an ɗauke shi a karkace, takarda mai layuka da ƙananan akwatuna, babu ko ɗigon biro a jikinta. Sai murya ta biyo baya: "Don Allah duba mini wannan, me suke so in rubuta?" Yawancinmu da zuciya ɗaya muke karɓar aikin. Mun san mutumin, mun san sana'arsa, mun san gidansa, don haka sai mu fara jero masa amsoshi daga gurbi na ɗaya har ƙasa. A nan ne ɓarnar take shigowa, domin hoton fom da ba a cike ba tambayoyi kaɗai yake ɗauke da su. Amsoshin suna wurare uku: cikin fasfon mutumin, cikin takardun tafiyarsa, da kuma cikin rayuwarsa da shi kaɗai ya san ta. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke hannun wanda aka turo wa hoton.

Zan ɗauki fom guda ɗaya in bi shi, wato na bizar gajeren zama ta yankin Schengen, wadda ake shiga ƙasashe irin su Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya da ita, a zauna kwanaki da ba su wuce 90 ba cikin kowane kwana 180. Na zaɓe shi ne saboda tsarinsa ɗaya ne a duk ƙasashen, gurabensa suna da lamba, kuma kusan kowace irin tambaya da ke jefa mai taimako cikin zato tana cikinsa. Mu ƙaddara kawunka ne ya turo. Fataucin fata yake yi a Kano, yana son zuwa baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a Milan, daga nan ya leƙa ƙanensa da ke zaune a Lyon ta Faransa.

Kafin ka fassara ko kalma ɗaya, hoton kansa za ka fara bincika. Fom ɗin ba shafi ɗaya ba ne, amma sau da yawa shafin farko kaɗai ake turowa. Ka nemi a turo dukkan shafukan, kowanne shi kaɗai, a shimfiɗe, da haske, kusurwoyi huɗu suna bayyane. Abin da hoto ya fi yankewa shi ne sama da ƙasa, kuma a nan ne ƙananan rubutun da ke bayyana ƙa'ida suke. A saman wannan fom an rubuta cewa kyauta ne, ba na sayarwa ba. An kuma rubuta cewa gurbi na 1 zuwa na 3 sai an cike su daidai da abin da ke cikin fasfo. A gefen dama akwai dogon sashe mai taken "For official use only", wanda na ma'aikatan ofishin jakadanci ne, kada a taɓa shi. Sannan ka tambayi Kawu inda ya samo takardar. Idan wani shagon kwafi ne ya ciro masa daga tsohuwar ajiya, tana iya zama tsohon bugu, domin an sauya fom ɗin a 2020, an kuma sake taɓa shi bayan nan, har lambobin wasu gurabe suka gusa. Wasu ƙasashen ma a intanet ake cikewa sannan a buga, kamar Faransa da shafinta na France-Visas. Shafin ofishin jakadancin ƙasar da za a je shi ne zai raba gardama. Ba ƙaramin takaici ba ne ka kwana kana bayani a kan takardar da ba za a karɓa ba.

Gurbi na 1 yana cewa "Surname (Family name)", na 3 kuma "First name(s) (Given name(s))". A wurin Bature wannan ba tambaya ba ce mai wahala. A wurinmu ita ce ta farko da ke kayar da mutane, saboda Bahaushe bai gaji sunan dangi guda da ke bin zuriya ba. Wani sunan mahaifinsa ne a fasfo, wani na kakansa, wani sunan garinsu, kamar yadda Shehu Shagari da Aminu Kano suka shahara da sunayen garuruwansu. Kai ka tashi kana jin ana kiran Kawu da wani suna, kasuwa ta san shi da wani, amma ba ka san wanne jami'in shige da fice ya sa a layin sunan dangi ranar da aka yi masa fasfo ba. Ko ka san sunan, ba ka san harufansa ba. Muhammad ne, ko Mohammed, ko Muhammadu? Idan fasfon Nijar ne yana iya zama Mahamadou, Abubakar kuma ya koma Aboubacar. Harafi ɗaya ya bambanta, sunan da ke fom ya saɓa wa na fasfo.

Saboda haka abin da za ka gaya masa shi ne: "Kawu, ku buɗe shafin fasfo mai hoto. Akwai layin da aka rubuta Surname, abin da ke ƙarƙashinsa shi za ku kwafa a gurbi na 1, harafi bayan harafi, ko da kuna ganin ba haka kuke rubuta sunanku ba. Layin Given names kuma shi ne na gurbi na 3, duka sunayen da ke wurin, a jeren da suke." Idan shafin ya dusashe ko an rikice, akwai layuka biyu a ƙasan shafin masu cike da alamar <, waɗanda na'ura ke karantawa. A layin farko, bayan harufa uku na ƙasa, NGA ga Najeriya ko NER ga Nijar, sunan da ya fara zuwa shi ne na dangi, sai alamar << ta raba shi da sauran sunayen. Da wannan kowa zai iya tabbatarwa da idonsa.

Gurbi na 2, "Surname at birth", yana tambayar sunan dangin da mutum yake da shi tun haihuwa, idan ya taɓa sauyawa. Ga maza yawanci ɗaya ne da na sama, amma "yawanci" ba hujja ba ce da za ka cike wa wani fom da ita. Akwai wanda ya yi rantsuwar sauya suna a kotu yana saurayi, kai ba a ma haife ka ba. Ga mata kuwa tambayar tana da nauyi. Wata ta riƙe sunan mahaifinta a duk takardunta, wata ta koma na mijinta bayan aure, wata ma fasfonta na ɗauke da sunan mijin da suka rabu tuntuni. Ka bayyana abin da gurbin yake nema, ka tambaya: "An taɓa sauya sunan da ke takardunku?" Sai ka yi shiru ka saurara.

Ranar haihuwa, wurin haihuwa, lambar fasfo, ranar da aka bayar da shi da ranar ƙarewarsa, duk aikin kwafi ne, ba sai an daɗe a kansu ba. Abu biyu kawai za ka ja kunne a kai. Na ɗaya, fom ɗin yana son rana, sannan wata, sannan shekara. Na biyu, abin da ke fasfo ake rubutawa. Dattawa da dama an sa musu 1 ga Janairu ne saboda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, wasu kuma shekarar da ke fasfonsu ba ita suke faɗa a gida ba. Idan Kawu ya ce ai kuskure aka yi a fasfon, gyaran yana ofishin shige da fice, ba a kan fom ɗin biza ake yin sa ba. Haka wurin haihuwa: kai ka san shi Bakano ne, fasfo kuma yana iya cewa Gumel ko Damagaram. Gurbi na 16, "Issued by (country)", sunan ƙasar da ta ba da fasfon yake so, ba sunan ofishi ko garin da aka karɓa ba. A wannan wurin ne kuma ya dace ka sanar da shi ƙa'idar fasfo, don ya duba da kansa: sai an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar barin yankin da aƙalla wata uku.

Daga nan sai a shiga guraben da fasfo ba ya amsawa, kuma su ne suka fi haɗari ga ɗan uwa mai taimako, saboda yana ganin ya sani.

Ɗauki gurbi na 7, na ƙasar da mutum yake ɗanta a yanzu, da wadda aka haife shi ɗanta idan sun bambanta, da wasu ƙasashen idan akwai. Haɗa shi da na 20, mai tambaya ko mutum yana zaune ne a wata ƙasa da ba tasa ba. A Kano, Katsina da Sakkwato akwai mutanen da suka shekara talatin suna kasuwanci, 'ya'yansu duk a nan aka haife su, amma fasfon Nijar suke riƙe da shi. Akwai masu riƙe da biyu. Haka Hausawan Kumasi ko Yawunde ko Khartum, kowa da irin takardarsa. Wanda yake da fasfon Nijar yana zaune a Kano, amsarsa a gurbi na 20 ita ce e, kuma fom zai nemi lambar takardar izinin zama ko makamanciyarta da ranar ƙarewarta. Idan ka yi saurin cewa "a nan ku sa a'a" don kawai ka saba ganinsa a unguwa, ka sa shi ya faɗi abin da ba haka ba ne.

Gurbi na 9 na matsayin aure ne, kuma akwatunansa sun haɗa da "Single", "Married", "Separated", "Divorced" da "Widow(er)". Ga Kawu mai mata biyu, akwatin aure ɗaya ne, fom bai tambayi adadi ba. Amma da gwaggonka ce ta turo, sai ka taka a hankali. A gida ana iya cewa bazawara ce kawai, fom kuwa ya raba wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu, ya kuma ware waɗanda aurensu yana nan amma ba sa tare. Matar da ta yi yaji wata shida tana gidan iyayenta, kai ba ka san ko takarda ta fita ko ba ta fita ba, kuma wataƙila ba za ta so ta gaya maka ba. Ba sai ta gaya maka ba. Ka karanta mata ma'anar kowane akwati a sarari, ka ce ta zaɓi wanda ya dace da halin da take ciki kuma takardunta za su iya tabbatarwa, ta yi alamar da hannunta. Wannan yana cikin dalilan da suka sa nake ganin bayani ya fi cikewa mutunci: mutum yana iya amsa gaskiya ba tare da ya tona cikinsa ga ɗan ƙanensa ba.

Sai sana'a da wurin aiki, gurbi na 21 da na 22. Nan ne kusan kowa yake rubuta "Business" ya wuce. To amma wace sana'a takardun Kawu suke nunawa? Mai yiwuwa yana da sunan kasuwanci da ya yi wa rajista, da adireshi da lambar waya, kuma su ne za su shiga gurbi na 22. Mai yiwuwa fatar ta wani kamfanin jima ce, shi wakilinsu ne, kuma kamfanin ne zai ba shi takardar shaida. Mai yiwuwa ma'aikacin gwamnati ne da albashinsa ke shiga asusu duk wata, fataucin kuma a gefe yake yi. Jami'in biza zai ajiye fom ɗin kusa da bayanan asusun banki da takardar wurin aiki ya ga ko bakinsu ɗaya. Idan fom ya ce ɗan kasuwa mai zaman kansa, asusu kuma ya nuna albashin ma'aikata, tambaya ta taso da ba wanda zai tsaya ya amsa ta, domin galibi takardu ne ke magana a madadin mutum.

Akwai wata tambaya da nake so a lura da ita sosai, wadda ke cewa "Fingerprints collected previously for the purpose of applying for a Schengen visa". Tana tambaya ne ko an taɓa ɗaukar zanen yatsun mutum don neman bizar Schengen a baya. Kuskure biyu ake yi a nan, kuma suna fuskantar juna. Wani zai ce e, saboda an ɗauki yatsunsa wajen yin NIN, da BVN, da fasfo, da tafiya Hajji, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ake nufi. Wani kuma, musamman mai taimako, zai ce a'a, saboda bai taɓa jin Kawu ya je Turai ba. Amma tambayar ba ta ce ko an je ba. Wanda ya nema aka hana shi, an ɗauki yatsunsa, kuma mutane ba sa shelar an hana su biza. Bayanan suna cikin rumbun da ƙasashen suke amfani da shi tare, ana ajiye su har shekara biyar, kuma yatsun da aka ɗauka cikin wata 59 da suka wuce ana iya sake amfani da su. Wato jami'in yana ganin amsar a gabansa tun kafin ya karanta taka. Yadda za ka faɗa ke nan: "Kawu, nan suna tambaya ko kun taɓa zuwa neman bizar ɗaya daga cikin ƙasashen nan har aka ɗauki yatsunku, ko an ba ku ko ba a ba ku ba. Na NIN da na banki ba sa ciki." Ka tsaya a nan, kada ka ƙara da "ai ba ku taɓa ba ko?"

Wannan ƙarin shi ne hanyar da zato ke bi ya shigo ko da ka yi niyyar kauce masa. Tambayar da aka lanƙwasa ta amsa kanta. Dattijo yana jin ka ce "kasuwanci ne dai ko?" zai ce e, don yana ganin kai ka san abin da Turawa suke son ji. Misali ma yana yin irin wannan ɓarna. Ka rubuta masa cewa a sa rana kamar haka, ka kawo wata ranar da ka ƙirƙira, sai ka tarar an kwafe ta cikin fom ɗin. Idan za ka nuna tsari, ka nuna shi da kalmomi: rana lamba biyu, wata lamba biyu, shekara lamba huɗu. Kuma ka riƙa tura bayanin gurbi gurbi, kowane saƙon murya da lambarsa a farko, gajere. Dogon saƙo na minti goma ba wanda zai iya komawa ya nemo gurbi na 20 a cikinsa.

Kada a fahimce ni da cewa mai taimako bakinsa a ɗaure yake. Akwai guraben da ƙa'ida ce ke fitar da amsarsu da zarar mai tafiya ya faɗi gaskiyar shirinsa, kuma a nan iliminka yake da amfani. Gurbi na 25 yana neman ƙasar da ita ce ainihin inda aka nufa, na 26 kuma ƙasar da za a fara shiga. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Ka tambayi Kawu kwana nawa zai yi a kowane wuri, kuma me ya fitar da shi. Ya ce kwana shida a Milan don baje koli, kwana uku a Lyon wurin ƙanensa. To Italiya ce ainihin inda aka nufa, ta fuskar dalili da ta yawan kwanaki, kuma wannan ne ke nuna cewa ofishin jakadancin Italiya ne zai duba takardunsa. Da fom ɗin da ya turo na ofishin Faransa ne, da tun a nan ka gano an ɗauko hanyar da ba ita ba. Sai ka tambayi tikiti. Idan jirginsa zai sauka Frankfurt ya sauya zuwa Milan, Jamus ce ƙasar shiga ta farko, domin a can za a duba fasfonsa a shigar da shi yankin, ko da bai fita daga filin jirgi ba. Idan ta Istanbul ko Alƙahira ko Addis Ababa zai bi, waɗannan ba sa cikin yankin, don haka Italiya ce ta farko. Ka ga a nan ka taimaka masa ya kai ga amsa, amma kwanakin da hanyar jirgin daga bakinsa da takardarsa suka fito. Idan ya ce bai riga ya tsayar da hanya ba, gurbin ya jira.

Dalilin tafiya, gurbi na 23, yana karɓar fiye da akwati ɗaya, kuma na 24 fili ne na ƙarin bayani. Tafiyar Kawu tana da kasuwanci, tana da ziyarar dangi. Sau da yawa a nan ne za a yi maka tambayar da ta fi kowace wuya: "Wanne ne idan na sa za su fi ba ni?" Amsar da ta dace ita ce babu akwatin da ke ba da biza, kowanne yana jawo irin takardun da za a nema ne. Wanda ya sa kasuwanci za a nemi gayyatar kamfani ko shaidar shiga baje kolin. Wanda ya sa ziyara za a nemi takardar mai masauki. Wanda ya sa yawon buɗe ido alhali jakarsa cike take da wasiƙun 'yan kasuwar fata, ya haɗa wa kansa saɓani. Cikin dalilan da ake yi wa alama a takardar ƙin ba da biza akwai cewa bayanin da aka bayar game da dalilin tafiya ba abin dogaro ba ne. Kuɗin nema kuwa, Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ba a mayarwa idan an hana.

Haka batun wanda zai ɗauki nauyin tafiya. Fom ya raba gida biyu: mai tafiya da kansa, ko wani mai ɗaukar nauyi, mutum ne ko kamfani, kuma ƙarƙashin kowanne akwai akwatunan tsabar kuɗi, masauki, sufuri da sauransu. Kai ba ka san yadda Kawu suka yi da ƙanensa ba. Ko shi zai biya otal a Milan, ƙanen ya sauke shi a gida a Lyon? Ko kamfanin da ya gayyace shi ne ya ɗauki masauki? Abin da aka yi wa alama a nan sai ya dace da abin da takardar gayyata ta ce. Zaman ƙanen a Faransa ma yana iya ruɗar ka a gurbi na 17 da na 18, waɗanda aka tanada don wanda yake da ɗan uwa na kusa mai ɗan ƙasancin Tarayyar Turai ko wasu ƙasashe ƙalilan da aka lissafa a wurin. Zama a Lyon da takardar izini daban, zama ɗan ƙasar Faransa daban. Ƙanen ne zai faɗi matsayinsa, kuma idan akwai shakka kan ko dangantakar tasu ta shiga wannan rukuni, ofishin jakadanci ake tambaya.

Wanda aka turo wa fom ɗin neman aiki zai ga irin waɗannan ramuka da wasu sunaye. "State of origin" ba jihar da mutum yake zaune ba ce, ba kuma lallai inda aka haife shi ba, ita ce wadda takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta nuna. "Next of kin" zaɓin mai fom ne, ba kai za ka yanke cewa matarsa ce ko babban ɗansa ba. "Referees" kuwa sai an nemi izininsu kafin a rubuta sunansu, domin ana iya kiran su a waya.

Idan an kai gurbin da Kawu ya ce bai sani ba, ko ya manta, a bar shi a buɗe a rubuta lambarsa a gefe, a nemo takardar da ke da amsar. Tsohon fasfo yana iya ɗauke da tsohuwar biza da lambarta. Lambar NIN mai lamba 11, wadda gurbi na 11 yake nema ga ɗan Najeriya, tana jikin takardarta. Na fi son a buga fom ɗin kwafi biyu, a fara cike ɗaya da fensir. Idan an gama, ya turo maka hoton wanda aka cike, tare da shafin fasfo idan ya yarda, ku bi shi tare. Kai kana karanta tambaya da Hausa, shi yana faɗin amsa da bakinsa ba tare da ya duba ba, kana gwadawa da abin da ke rubuce. Duk inda baki da takarda suka saɓa, nan ne matsalar take. A wannan zagayen kana da damar cewa ranar dawowa da ke fom ba ta dace da ta tikiti ba, ko inshorar lafiyar tafiya, wadda ake so ta kai Yuro 30,000, ba ta rufe dukkan kwanakin ba. Nuna saɓani aikinka ne, zaɓen wanda za a gyara nasa ne. Bayan an gama ka goge hoton fasfon daga wayarka, kuma tun farko kada a tura shi zauren dangi na WhatsApp.

Shafin ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, dogon rubutu mai ƙananan harufa a saman wurin sa hannu. Ka fassara masa shi, ko da a taƙaice. A ciki mai nema yana shaida cewa iyakar saninsa duk abin da ya bayar daidai ne kuma cikakke, ya kuma san cewa bayanin ƙarya zai sa a ƙi ba shi biza, ko a soke wadda aka riga aka ba shi, har ana iya gurfanar da shi. Yana kuma alkawarin barin yankin kafin bizar ta ƙare. Kawu ne zai sa hannu a ƙarƙashin wannan, da irin sa hannun da ke fasfonsa, kuma idan yaro ne mai nema, iyaye ko mai riƙonsa ne za su sa. Sabon bugun fom ɗin yana da gurbin da ake rubuta suna da adireshin wanda ya cike shi idan ba mai neman ba ne da kansa. Idan Kawu ba ya rubutun boko, kai ka riƙe biro yana faɗa kana rubutawa, sunanka da adireshinka da lambar wayarka za su shiga wannan gurbin. Idan bayani kawai ka yi ta waya shi ya rubuta da hannunsa, a bar gurbin babu komai.